Sabtaitul: A Ƙona Shi Cikin Hoto Ko A Bar Shi Daban?

Duk editan da ya gama yanka fim ɗin Hausa ya zo wajen sa fassarar Turanci, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya ƙona rubutun a cikin hoton, ya zama wani ɓangare na kowane firem kamar yadda fuskar jarumi da bangon ɗakin suke, ko kuma ya bar hoton fes, ya ajiye rubutun a wani ɗan fayil na daban wanda mai kallo zai kunna ko ya kashe yadda ya ga dama. Na farko tsagar gado ce, na biyu kwalli: ɗaya in an yi an gama, ɗayan kuwa ana wankewa a sake zizarawa.

Yawancin masu harkar fim a nan ba su taɓa zama sun auna wannan zaɓi ba, domin sun tarar ana ƙonawa suka ci gaba da ƙonawa. Akwai dalilin da ya sa aka saba. Kaset ɗin bidiyo da faifan VCD, waɗanda masana'antar ta girma a kansu, a yadda ake yin su a nan ba su da gurbin ajiye rubutun da za a iya kashewa. In kana son wanda ba ya jin Hausa ya gane fim ɗinka, dole rubutun ya zauna a cikin hoton. Faifan DVD ya zo da damar sa fassara har kala 32 a faifai ɗaya, amma ba a cika amfani da ita ba a kasuwarmu. Yanzu kasuwa ta koma YouTube da manhajoji da waya, amma hannun edita bai canja ba.

Ra'ayina shi ne tambayar "wanne ya fi" ba ta da amsa sai an fara amsa wata: bayan fim ɗin ya bar kwamfutarka, ina zai je, kuma wa ke riƙe da shi a can? In yana zaune a wurin da kake da iko a kai, kamar tasharka ta YouTube, fassara ta daban ta fi ƙonanniya nesa ba kusa ba. In kuwa zai shiga hannun jama'a ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, ƙonanniyar ce kaɗai za ta kai gaci. Bari mu bi wani misali daki-daki don a ga dalili.

Ɗauki furodusan da ya shirya fim mai dogon zango, zango na farko kashi 13, kowane kashi minti 45. Yana son Turanci saboda 'yan kudu da 'ya'yan Hausawa da suka tashi a waje, yana son Faransanci saboda Nijar da Kamaru da Chadi, yana kuma son Larabci saboda Sudan da Saudiyya. Ƙari a kan haka wani ya ba shi shawarar ya sa rubutun Hausar kanta saboda kurame.

Abin da fayil ɗin fassara ya ƙunsa ba wani abin tsoro ba ne. Nau'in da ya fi yawa shi ne SRT, kuma rubutu ne zalla da za ka iya buɗewa da Notepad. Kowace magana tana da lamba, da lokacin fitowa da na ɓacewa, sai kalmomin:

```
127
00:12:04,200 --> 00:12:06,900
Ɓarawon ya ƙetare katanga da ɗan akuya.
```

Kashi mai minti 45 zai iya ɗaukar irin wannan kamar 600. In ka haɗa lambobin da kalmomin, fayil ɗin bai wuce kilobait 50 ba, alhali bidiyon kansa, ko a ƙaramin inganci na 360p, yana haura megabait 150. Wato nauyin fassarar ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Furodusanmu in ya bi hanyar fassara ta daban, zai fitar da bidiyo 13, sannan ƙananan fayiloli 52 na rubutu waɗanda dukansu gaba ɗaya ba su kai nauyin waƙa ɗaya ba. In ya bi hanyar ƙonawa, bidiyo 52 zai fitar, kowanne da nasa awannin zaman jiran kwamfuta, da nasa man janareta, da nasa datar ɗorawa. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne masu kallonsa za su rarrabu gida huɗu. Kashi na biyar da ya kamata ya tara dukan masu kallo da sharhinsu a wuri guda zai zama bidiyo huɗu masu kama da juna a tasha ɗaya, kowanne da ɗan nasa adadi.

Sai maganar gyara, wadda a ganina ita ce babbar hujja. Kowa ya san irin dariyar da ake yi wa fassarar wasu fina-finanmu, inda ake ɗaukar karin magana a juya ta kalma bayan kalma har ma'anar ta gudu. A ce a kashi na biyar, minti na 12, mai fassara ya yi irin wannan tuntuɓen, kuma ba a lura ba sai da mutane suka fara ɗaukar hoton allo suna yaɗawa. YouTube ba ya barin ka cire bidiyo ka maye gurbinsa da wani a kan adireshi ɗaya. In rubutun ƙonanne ne, zaɓinka biyu: ka bar kuskuren ya zauna har abada, ko ka goge bidiyon ka ɗora sabo, ka rasa adadin masu kallo da sharhi da duk wani mahaɗi da mutane suka riga suka rarraba. In fassarar ta daban ce, sai ka shiga YouTube Studio, ka buɗe shafin fassarar bidiyon, ka gyara layin, ka danna `Publish`. Minti biyu ya isa, kuma wanda ya kalla gobe ba zai san an taɓa yin kuskure ba.

Kar kuma a manta da mai kallon da aka yi fim ɗin dominsa tun farko. Bahaushen da ke jin kowace kalma ba ya buƙatar Turanci a ƙasan allo. Rubutun yana rufe masa hannun jaruma da abin da ke kan tabarma, kuma ido ba ya iya ƙin karanta abin da aka ajiye masa. Mafi yawan masu kallon fim ɗin Hausa Hausawa ne, sai ga shi an ɓata wa masu yawa hoto saboda 'yan kaɗan.

Da a nan maganar ta tsaya, da an ce kowa ya daina ƙonawa. Amma fim ɗin Hausa ba a YouTube kaɗai yake rayuwa ba, wataƙila ma ba a can ya fi rayuwa ba.

Ka bi kashi na biyar ɗin nan ka ga tafiyarsa. Ranar da aka sake shi, wani mai shagon turi zai sauke shi da ɗaya daga cikin manhajojin saukar da bidiyo. Abin da yake sauka hoto ne da sauti. Fassarar da ke zaune a YouTube a matsayin fayil na daban galibi a can ake barinta. Mai shagon zai matse bidiyon ya ƙanƙance don ya shiga memori da yawa, ya tura wa kwastoma. Kwastoma ya tura wa ƙanwarsa ta Xender, ita kuma ta yanko minti biyun da suka ba ta dariya ta sa a sitatus na WhatsApp. A kowane mataki a nan, abin da ba ya cikin hoton faɗuwa yake yi. Allon kallon bidiyo na WhatsApp ba shi da wurin zaɓen fassara, kuma yana sake matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba. Ko da ka ba mai shagon fayil biyu da hannunka, `Kashi05.mp4` da `Kashi05.srt`, dole su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya kafin VLC ko MX Player su haɗa su da kansu. Da zarar wani ya canja wa bidiyon suna zuwa "sabon fim 5", ko ya ga ɗan fayil ɗin da bai gane ba ya goge shi, shi ke nan an rabu.

Akwai hanya ta tsakiya da mutane da yawa ba su sani ba: a cusa fassarar a cikin fayil ɗin bidiyon, amma ba a cikin hoton ba. Fayil ɗin MP4 ko MKV jaka ce da ke ɗauke da hoto daban, sauti daban, kuma tana iya ɗaukar rubutu daban. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, ana yi kamar haka:

```
ffmpeg -i Kashi05.mp4 -i turanci.srt -map 0 -map 1 -c copy -c:s mov_text -metadata:s:s:0 language=eng Kashi05_sub.mp4
```

Kalmar `copy` ɗin nan ita ce sirrin. Tana nufin ba za a taɓa hoton ba, kwashe shi kawai za a yi a zuba a sabuwar jaka tare da rubutun, don haka aikin yana ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, ingancin kuma bai ragu da ƙwayar zarra ba. Lambar harshen Hausa a wannan tsari `hau` ce, ta Larabci `ara`. Wanda bai saba da rubuta umarni ba zai iya yin haka da MKVToolNix, ya jawo fayilolin ya jefa a ciki. Wannan ya magance matsalar rabuwar fayil biyu, kuma in aka tura ta Xender ko ta WhatsApp a matsayin `Document`, komai yana isa yadda yake. Amma bai magance sauran ba. Manhajar kallo da ta zo da wata wayar ba lallai ta nuna rubutun ba. Talabijin masu cin filash kowace da halinta, wata ta nuna, wata ta yi kamar ba ta gani ba. Sannan duk wanda ya sake matse bidiyon, akwai yiwuwar ya zubar da rubutun bai ma sani ba. Ita dai wannan hanyar ta dace da wanda ka san da me zai kalla, misali abokin aiki ko alƙalin gasa, ba da kasuwar da ba ka san iyakarta ba.

Saboda haka duk wani guntun da aka yanka don talla, na TikTok ne ko Instagram ko sitatus, a ƙona masa rubutu, babu wata muhawara. Ƙari a kan batun yawo, mutane da yawa suna kallon irin waɗannan guntaye ne sauti a kashe, a cikin A Daidaita Sahu ko a ofis, kuma ba wanda zai tsaya neman inda ake kunna fassara a bidiyon daƙiƙa 40.

Sai dai a nan ne ake tafka kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ne ya sa nake cewa ko mai son ƙonawa ya ajiye hoto mai tsabta. Fim ɗin an ɗauke shi a kwance, faɗinsa ɗigo 1920, tsayinsa 1080. TikTok a tsaye yake. In za ka yanko tsakiyar hoton ya cika allon waya, abin da zai rage daga faɗin nan kusan ɗigo 608 ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. To in ka yanko daga bidiyon da aka riga aka ƙona wa rubutu, layin da ya miƙe daga hagu zuwa dama zai rasa kansa da jelarsa, mai kallo ya ga kalmomi uku na tsakiya kawai. In ka ce za ka sa sabon rubutu a kai, sai su hau juna. Wasu sukan shafa baƙin zane su rufe tsohon, hoton ya koma kamar an ɗaure masa baki. Wanda ya ajiye hoto mai tsabta da fayil ɗin SRT kuwa, sai ya yanko abin da yake so, ya karya layukan su gajarce, ya ɗaga su sama kaɗan don kada sunan asusu da bayanin da manhajar ke ɗorawa a ƙasan allo su rufe su, sannan ya ƙona.

Ita ƙonawar tana da kuɗinta ta fuskar inganci, amma ya danganta da lokacin da aka yi ta. In edita ya sa rubutun a kan teburin aikinsa, a Premiere ko DaVinci Resolve, ya fitar da fim ɗin sau ɗaya, babu wata ƙarin asara. Asarar tana zuwa ne in an riga an fitar da MP4, sannan aka dawo aka ƙona rubutu a kansa, domin dole a warware kowane firem a zana haruffa a sake matsewa, kuma kowace matsa tana cin wani abu daga hoton. A ffmpeg umarnin shi ne:

```
ffmpeg -i Kashi05.mp4 -vf "subtitles=turanci.srt:force_style='FontName=Noto Sans,Outline=2'" -crf 18 -c:a copy Kashi05_konanne.mp4
```

Lambar da ke gaban `-crf` ita ke iko da inganci. In ba ka sa komai ba, 23 ake ɗauka. In ka sauko zuwa 18 hoton zai fi kyau, fayil ɗin kuma ya fi nauyi. A manhajar matse bidiyo ta HandBrake kuwa akwati ɗaya ne mai suna `Burn In` a shafin `Subtitles`. In ka sa masa alama an ƙona, in ba ka sa ba rubutun ya shiga a matsayin na zaɓi. Editoci da dama sun aika wa mutane fim suna zaton sun ƙona, ashe akwatin nan ba su taɓa shi ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: buɗe bidiyon a VLC ka shiga `Subtitle`. In ka iya kashe rubutun, ba a ƙone yake ba.

Akwai kuma wata illa ta ƙonannen rubutu da ba a gani a babban allon edita. Tunda ya zama hoto, duk abin da ya sami hoton ya same shi. Harafin da tsayinsa ya kai ɗigo 54 a 1080p, in mai kallo ya sauko zuwa 240p don tattalin data, ya koma ɗigo 12. A 144p kusan 7 ne. A wannan girman, lanƙwasar da ta raba ɗ da d ba ta fi ɗigo ɗaya ko biyu ba, kuma matsar bidiyo irin waɗannan ƙananan abubuwa take fara haɗiyewa. Fassara ta daban ba ta da wannan matsalar, domin wayar ce ke zana haruffan da kanta, tar suke fitowa ko da hoton bayansu ya dagule. Don haka in za ka ƙona, ka yi haruffan manya fiye da yadda idonka ke so a kwamfuta, farare masu baƙin gefe, layi biyu iyaka. Ma'aunin da Netflix ke bi a Turanci, haruffa 42 a kowane layi, ya isa abin koyi.

Tunda an taɓo ɗ, bari mu tsaya a kan haruffanmu masu lanƙwasa, domin a nan ne ƙonawa take da wata fa'ida ta gaske ga mai rubuta Hausa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, suna lalacewa ta hanyoyi uku, kuma kowace lalacewa tana da kamanninta. In ka ga alamar tambaya a gurbin harafin, kamar "?asa" maimakon "ƙasa", to tun wajen ajiye fayil ɗin aka yi ɓarnar: an ajiye shi a tsarin `ANSI` wanda bai san waɗannan haruffa ba, kuma sun tafi ke nan, sai an sake bugawa. In ka ga tarkace irin "Æ™asa" ko "É—aki", fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, yana tsarin `UTF-8`, manhajar kallon ce ke karanta shi da tsarin da ba nasa ba, sai a shiga saitinta a gaya mata. In kuwa ɗan akwati ka gani babu komai a ciki, salon haruffan da na'urar ke amfani da shi ne ba shi da harafin. Matsala ta farko laifinka ce kuma kana iya kauce mata. Ta biyu da ta uku suna faruwa ne a na'urar mai kallo, inda hannunka ba ya kaiwa. Wayoyin Android na yanzu da YouTube suna nuna haruffan daidai, amma tsohuwar talabijin ko dikodar da ke cin filash ba ta da tabbas. In ka ƙona, ka zaɓi salon da ke da haruffan, irin Noto Sans ko Charis ko Andika, ka duba da idonka sau ɗaya, kowa kuma abin da ka gani shi zai gani. Larabci ma haka yake: a wasu na'urori haruffan kan fito a rarrabe ko a juye, ƙonawa kuwa tana kashe wannan fargabar.

Wata damuwar da ta keɓanta da fassara ta daban ita ce saɓawar lokaci. Ƙonannen rubutu ba ya taɓa gocewa daga bakin mai magana, tunda a jikin firem ɗin yake. In Hukumar Tace Fina-finai ta ce a cire wata fitowa, ko gidan talabijin ya yanka ya sa talla, rubutun yana bin almakashi tare da hotonsa. Fayil ɗin SRT kuwa agogo kawai ya sani. Yanayin gocewar shi zai gaya maka abin da ya faru. In rubutun ya riga magana da daƙiƙa goma tun daga farko har ƙarshe, an ƙara wani abu ne a gaban fim ɗin, wataƙila tambarin kamfani ko tallar mai ɗaukar nauyi. A manhajar gyara fassara ta Subtitle Edit sai ka tura dukan layukan gaba da daƙiƙa goma, an gama. In komai daidai yake har minti na 20 sannan ya goce gaba ɗaya, an cire ko an ƙara fitowa a wurin, sai ka gyara daga nan zuwa ƙasa. In kuwa ya fara daidai, ya riƙa zamewa a hankali har tazarar ta yi ta ƙaruwa, saurin firem ne ya bambanta. An yi fassarar a kan kwafi mai firem 25 a daƙiƙa, ana kallon mai 23.976, ko akasin haka. Bambancin ya ɗan haura kashi 4 cikin 100, wanda a ƙarshen minti 45 ya kusa minti biyu cur. Maganinsa `Change frame rate` a manhajar, ba turawa da hannu ba. Darasin da ke ciki ga furodusa shi ne kada a ba mai fassara fim sai an kulle yanka. In aka ba shi kwafin da darakta bai gama taɓawa ba, aikin zai zama biyu.

Wasu furodusoshi suna cewa suna ƙonawa ne don kada a sace musu fassarar da suka biya kuɗi aka yi. Gaskiya ne cire rubutu na daban daga fayil abu ne na daƙiƙa biyar. Amma ɓarawon fim ba fassara yake nema ba, fim ɗin yake ɗauka ɗungurungum, kuma in ka ƙona masa Turanci a ciki ka ma sauƙaƙa masa sayarwa a Legas. Wannan hujjar ba ta da nauyi a wurina.

Hujjar da ke da nauyi ita ce mutane da yawa ba su san ana kunna fassara a YouTube ba. Ba su taɓa danna `CC` ba, in ba su ga rubutu ba sai su rubuta a sharhi cewa a taimaka a sa sabtaitul, alhali yana nan. Maganin wannan ba ƙonawa ba ne. A sa sanarwar daƙiƙa biyar a farkon kowane kashi, da kibiya tana nuna wurin dannawa, a kuma rubuta a bayanin bidiyon da harsunan da aka tanada. Bayan kashi biyu ko uku masu kallo sun koya, har su riƙa koya wa juna a sharhi.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin a ƙona ko da a kwafin YouTube ne. A ce a cikin fim ɗin akwai fitowar da wata tsohuwa ke magana da Fulatanci, ko ɗan kasuwa da Yarbanci, kuma labarin ba zai fahimtu ba sai an ji abin da suka ce. Wannan fassarar zuwa Hausa kowa na buƙatarta, har wanda ya kashe `CC`. A tsarin MKV da DVD akwai alamar `Forced` da aka tanada don irin wannan, mai sa layukan su fito ko ba a kunna ba, amma ba kowace manhaja ke girmama ta ba. Layuka goma ko ashirin ne a dukan kashin, ƙona su ba zai ɓata komai ba. Sai dai a ɗaga su sama kaɗan, don in mai kallon Turanci ya kunna tasa fassarar kada su hau kan juna, kuma a ajiye kwafin da ko waɗannan babu. Dalili kuwa, manyan dandamali irin Netflix da masu rarraba fim a ƙasashen waje hoto marar rubutu suke karɓa, fassara kuma a fayil na daban. Fim ɗin da kwafinsa ɗaya tilo ke ɗauke da ƙonannen Turanci ya rufe wa kansa wannan ƙofar, kuma in an riga an goge kayan aikin daga ma'ajiyar kwamfutar edita don a sami wurin sabon aiki, babu mai iya kankare rubutun ba tare da ya bar tabo ba.

To furodusanmu mai kashi 13, ga yadda zan tsara masa. Kowane kashi a fitar da uwar kwafi mai inganci sosai, babu rubutu ko ɗaya, a ajiye ta wuri biyu. A rubuta fassarar a Subtitle Edit ko Aegisub, ba a kan teburin yanka a matsayin rubutun ado ba, domin wanda aka buga layi-layi a cikin Premiere a matsayin taitil yana da wuyar fitarwa ya zama fayil daga baya. A fara da Hausar, a daidaita lokutanta da bakin 'yan wasa sau ɗaya, sannan a ba masu Turanci da Faransanci da Larabci su canja kalmomi kawai su bar lambobin yadda suke. Aikin lokaci, wanda shi ya fi cin rai, an yi shi sau ɗaya ke nan maimakon huɗu. Na kurame a ƙara masa abin da kunne ke ji ido ba ya gani, kamar ƙwanƙwasa ƙofa ko kiran salla daga nesa. YouTube a ba shi hoto mai tsabta da fayiloli huɗu. Facebook ma yana karɓar SRT, amma yana son sunan fayil ɗin ya ƙare da lambar harshe da ƙasa, kamar `Kashi05.en_US.srt`, in ba haka ba ya ƙi karɓa. Gidan talabijin a tambaye su abin da suke so kafin a kai musu. Guntayen talla da kwafin da za a ba masu turi da hannu, a ƙona musu harshe ɗaya, wanda kasuwar wurin ke buƙata: na Maraɗi da Damagaram ba lallai su so rubutu ba sam, na Sabon Gari kuwa Turanci.

Kafin a saki ko wanne, a gwada shi a inda zai ƙare, ba a kwamfutar edita ba. A tura ƙonannen ta WhatsApp zuwa ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a fita da ita rana a ga ko ana iya karantawa. A buɗe na YouTube a waya, a sauke ingancin zuwa 240p, a kunna kowane harshe, a tsallaka zuwa minti na 40 a ga ko rubutu da baki suna tare. A nemi layin da ke da ƙ da ɗ da ɓ a duba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa filash ɗin a talabijin mafi tsufa da ke gidan a sake dubawa.